Sharhi: Yadda Yaƙe-yaƙen Addini Suka Tilasta wa Sarakunan Turai Haƙuri da Addinin da Ba Nasu Ba

Idan ana muhawara a kan addini da mulki, sau da yawa akan ji wani ya ce Turawa sun yi ta kashe juna saboda addini har suka gaji, sai suka ajiye addinin gefe guda, kowa ya samu 'yanci. Wani kuma ya ce ai masana ne suka wayar musu da kai, sarakuna suka ji suka bi. Maganganun biyu kowace tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma sun tsallake abin da ya faru tsakanin shekarar 1517 da 1700. A wannan tsakanin babu sarkin Turai da ya ajiye addini, kuma kaɗan ne ƙwarai suka yarda cewa ɗan wata ɗarika yana da hakki irin nasu. Abin da ya faru shi ne, wasu sarakuna sun gwada takobi shekara da shekaru, suka ga ba zai mayar da talakawansu kan aƙida ɗaya ba, kuma yana neman cinye gadon sarautar kanta. Daga nan suka shiga rubuta dokokin zaman tare, sashe bayan sashe: wa zai yi ibada a ina, wa zai yi wa wa shari'a, wa zai riƙe wane gari. Faransa ce ta fi nuna wannan a fili, don haka a kanta sharhin nan zai fi tsayawa, sannan ya leƙa Jamus don kwatanci.

Kalmomin da ya kamata a tantance

Katolika su ne Kiristocin da ke bin shugabancin Paparoma na birnin Rum. Furotestan su ne waɗanda suka ɓalle daga wannan shugabanci bayan wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya fito da sukarsa a 1517. Furotestan ba ɗarika ɗaya ba ce. A zamanin da muke magana, manyan rassanta biyu ne, mabiya Luther da suka fi yawa a Jamus da arewacin Turai, da mabiya John Calvin na birnin Geneva. Furotestan na Faransa kusan duka mabiya Calvin ne, kuma su ne ake kira Huguenot.

Kalmar da ta fi rikita mutane ita ce wadda za mu kira lamunin addini. Ma'anarsa a wancan zamani ita ce hukuma ta ƙyale wata aƙida ta ci gaba da zama a ƙasa alhali tana ganin aƙidar ɓata ce. Haƙuri ne da abin da ba a so, kuma mai mulki ne ke bayar da shi, don haka yana iya janye shi. Ya bambanta da 'yancin addini, wanda ke nufin hakkin da mutum yake da shi ko hukuma ta so ko ta ƙi. Ya kuma bambanta da raba addini da mulki, domin ƙasashen da suka ba da lamuni sun ci gaba da riƙe addinin hukuma. Akwai wani rabe-raben kuma da dokokin zamanin suka dogara da shi ƙwarai: 'yancin zuci, wato ba za a binciki mutum ko a hukunta shi kan abin da ya gaskata ba, da 'yancin ibada, wato ya taru da 'yan'uwansa a fili su yi wa'azi da addu'a. Sarakuna sun fi saurin ba da na farko. A kan na biyun ne aka fi zubar da jini.

Me ya sa ƙasa ɗaya ba ta ɗaukar ɗarika biyu?

Mai karatu na yau yana iya mamakin yadda saɓani kan ma'anar jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, zai kai ga ƙone gari. Dalilin shi ne coci a lokacin ita ce ginshiƙin rayuwar jama'a. Ita ke ɗaura aure, ita ke rubuta haihuwa da mutuwa, ita ke riƙe maƙabarta da makarantu da gidajen marasa lafiya, kuma tana da gonaki masu yawa da ushirin da take karɓa daga manoma. Wanda ya fita daga cocin garinsu ya fita daga duk wannan tsari. Talakawa da yawa kuma sun yi imani cewa ɗan bidi'a ƙazanta ne a cikin gari, idan aka bar shi fushin Allah zai sauka kan kowa, ta hanyar annoba ko fari. Shi kansa sarkin Faransa, ranar naɗinsa yakan yi rantsuwa cewa zai kawar da 'yan bidi'a daga ƙasarsa.

Kada a ɗauka wannan tunanin na Katolika ne kaɗai. A 1553 hukumar Geneva, cibiyar Calvin, ta ƙone wani likita ɗan Sifen mai suna Michael Servetus saboda ya musanta aƙidar Triniti, wato imani da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin Allah ɗaya. Mabiya Calvin a Faransa, inda suka samu ƙarfi, sun farfasa gumakan coci sun kori limaman Katolika. Kowane ɓangare yana neman lamuni inda yake da rauni, yana hana shi inda yake da ƙarfi.

Maganin Jamus na farko: a raba ƙasa

Jamus ta wancan lokaci tarin masarautu ce da biranen da ke mulkin kansu, ƙarƙashin babban sarki guda. Babban sarki Charles na Biyar ya ci sarakunan Furotestan da yaƙi a Mühlberg a 1547, amma nasarar ba ta mayar da jama'arsu coci ba, kuma cikin 'yan shekaru suka sake tayar masa. Sulhun Augsburg na 1555 ya ce kowane sarki ya zaɓa wa ƙasarsa ko Katolika ko ɗarikar Luther, talakan da bai yarda ba yana da damar sayar da kayansa ya ƙaura. Lamuni ne tsakanin sarakuna, talaka bai samu komai ba sai izinin tafiya. An kuma bar mabiya Calvin a waje, an bar gardamar gonakin coci ba a warware ta sosai ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Faransa ba ta iya bin wannan hanya, domin sarkinta ɗaya ne, kuma Furotestan suna cakuɗe da Katolika a garuruwa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya.

Faransa: shekara 36 ana yaƙi ana sulhu

Wajen 1560 Furotestan sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen Faransa. Adadin kaɗan ne, amma cikinsu akwai manyan masu sarauta da dakarunsu, da attajirai da masu sana'a a biranen kudu da yamma. A daidai lokacin ne fada ta yi rauni. Sarki Henri na Biyu ya mutu a 1559 sakamakon raunin da ya ji a wasan mashi a kan doki, babban ɗansa ya yi sarautar shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu, sarauta ta faɗa kan Charles na Tara, yaro ɗan shekara goma. Uwarsa, Catherine de Medici, ita ta riƙe masa. Manyan gidajen sarauta suka shiga kokawar wanda zai mallaki fada, gidan Guise a ɓangaren Katolika, wasu 'yan gidan Bourbon da Coligny a ɓangaren Furotestan.

Abin lura shi ne lamuni ya riga yaƙin zuwa. Catherine da babban jami'in shari'arta, Michel de l'Hôpital, sun tara malaman ɓangarorin biyu a Poissy a 1561 ko za su daidaita, taron ya watse a kan batun jibin Ubangiji. A watan Janairun 1562 fada ta fitar da doka cewa Furotestan suna iya ibada da rana, a wajen ganuwar birane, ba tare da makami ba. Ba a yi wata biyu ba, ranar 1 ga Maris, mayaƙan shugaban gidan Guise suka tarar da wasu suna ibada a cikin wani rumbu a garin Wassy, suka kashe gomman mutane. Yaƙi ya ɓarke.

Masana tarihi suna ƙidaya yaƙe-yaƙe takwas daga 1562 zuwa 1598, kuma salonsu kusan ɗaya ne. Za a gwabza har baitulmali ya ƙare, sojojin haya su fara wasoso saboda ba a biya su ba, sai a yi sulhu a fitar da dokar lamuni. Masu tsaurin ra'ayi na Katolika su ce an sayar da addini, Furotestan su ce alƙalai da gwamnoni ba sa aiki da dokar, sai a koma fagen fama. Kowane zagaye yana ƙara wa dokar wani sabon sashe da aka koya daga gazawar na baya. Sulhun 1570 ya kawo garuruwan tsaro, aka ba Furotestan birane huɗu masu ganuwa, cikinsu har da La Rochelle da Montauban, su riƙe a matsayin jingina. Sulhun 1576 ya kawo kotunan da ake raba kujerun alƙalai tsakanin ɗarikun biyu.

Tsakanin waɗannan biyu ne aka yi kisan da ya fi kowane suna. A watan Agustan 1572 manyan Furotestan suka taru a Paris don bikin auren Henri na Navarre, ɗan ɗarikarsu, da ƙanwar sarki. Auren sulhu ne. Kwana huɗu bayan biki aka harbi jagoransu Coligny bai mutu ba, fada ta tsorata da ramuwa, ta ba da umarnin kashe shugabanninsu. Da asubahin 24 ga Agusta aka fara, mutanen gari suka karɓe aikin daga hannun soja, aka kashe mutum dubu biyu zuwa uku a Paris, kisan ya bazu zuwa wasu birane inda aka kashe wasu dubbai. Dubban Furotestan sun koma Katolika don tsoro. Duk da haka ɗarikar ba ta mutu ba. Waɗanda suka rage a kudu suka kafa majalisunsu da harajinsu da rundunarsu, malamansu suka fara rubuta cewa halal ne a yi wa azzalumin sarki tawaye. Darasin da wannan ya koya wa masu tunani a fada shi ne, ko kisa mafi muni bai isa ya gama da kashi goma cikin ɗari na jama'a ba matuƙar suna da ganuwa da makami.

Daga nan ne ra'ayin wasu Katolika masu sassauci ya fara samun kasuwa. Abokan hamayyarsu suna yi musu baƙar magana da cewa 'yan siyasa ne, sun fifita zaman lafiyar ƙasa a kan gaskiyar addini. Hujjarsu ita ce, idan ba za a iya samun addini ɗaya ba sai ƙasa ta rushe, to a riƙe sarki ɗaya da doka ɗaya, a bar haɗa kan addini sai Allah ya kawo lokacinsa. Masanin shari'a Jean Bodin, wanda littafinsa kan ikon mulki ya fito a 1576, yana cikin waɗanda ake dangantawa da wannan tunani.

Abin da ya ƙara musu ƙarfi shi ne barazanar ta juyo daga ɗaya ɓangaren. A 1584 magajin sarki Henri na Uku ya mutu, gado ya koma kan Henri na Navarre, Furotestan. Ƙungiyar Katolika ƙarƙashin gidan Guise ta karɓi kuɗin sarkin Sifen, ta kori sarki Henri na Uku daga Paris a 1588. Sarkin ya sa aka kashe shugaban gidan Guise, shi ma wani ɗan zuhudu ya soke shi da wuƙa a 1589. Wato sarkin Katolika ne ya mutu a hannun mai kishin Katolika. Henri na Navarre ya gaji sarauta da sunan Henri na Huɗu, ya yi shekaru yana yaƙi Paris ta ƙi buɗe masa ƙofa, har ya koma Katolika a watan Yulin 1593. Ya shiga birnin a Maris 1594, sauran shugabannin ƙungiyar kuma mafi yawansu da kuɗi da muƙamai ya saye su.

Dokar Nantes: abin da ke cikinta

Tsofaffin abokan yaƙin sarki suka ga ya bar su. Da dakarun Sifen suka kama garin Amiens a 1597, wasu manyan Furotestan suka ja ƙafa wajen kai masa ɗauki, don ya san har yanzu suna da abin ciniki. Wannan matsin ne ya haifi dokar da ya sa wa hannu a birnin Nantes a watan Afrilun 1598. Takardu huɗu ne: sassa 92 na gaba ɗaya, sassa 56 na musamman, da wasiƙun alkawari biyu daga sarki.

Sashen farko umarni ne na mantuwa. An ce duk abin da ya faru a lokacin yaƙi a ɗauka bai faru ba, kada a kai ƙara a kansa, kada a yi wa juna gori da shi. Wanda aka kashe masa uba zai ci gaba da ganin makashin a kasuwa, doka ta rufe masa baki. Mai karatu na iya ganin zalunci a nan, kuma akwai shi, amma masu rubuta dokar sun san idan aka buɗe ƙofar shari'a babu gidan sarautar da zai tsira.

Bayan haka aka mayar da ibadar Katolika ko'ina a ƙasar, har a garuruwan da Furotestan suka hana ta, aka mayar wa coci dukiyarta. Furotestan suka samu 'yancin zuci a duk faɗin ƙasa, amma 'yancin ibada sai a wurare ƙayyadaddu: gidajen manyan masu sarauta, da garuruwan da aka tabbatar ana yin ibadar a 1596 da 1597, da wasu wurare kaɗan da aka ware a kowace gundumar shari'a. An hana ta a fada, an hana ta a Paris da kewayenta har nisan kusan kilomita 20. Ba a ɗauke musu ushiri ba, dole su ci gaba da biyan cocin Katolika, su rufe shagunansu ranakun bukukuwanta. Ko sunan da dokar ta kira addininsu da shi na raini ne, addinin da ake riya cewa gyararre ne.

A ɗaya hannun, an buɗe musu muƙaman gwamnati da jami'o'i da asibitoci. An kafa ɗakunan shari'a na musamman don ƙarar da ta shafe su, a Castres da Nérac da Grenoble aka raba kujerun alƙalai tsakanin ɗarikun biyu. Wasiƙun alkawarin nan biyu su ne ƙashin bayan komai. Ɗaya ta yi alkawarin eku 45,000 kowace shekara don albashin fastoci, eku kuwa shi ne kuɗin zinarin Faransa na lokacin. Ɗayar ta bar musu garuruwan tsaronsu na tsawon shekara takwas, da eku 180,000 a shekara don biyan sojojin da ke gadinsu.

A ɗauki misalin wani maƙeri Furotestan da ke zaune a Paris a 1600. Ba wanda zai kama shi don aƙidarsa, kuma ɗansa yana iya neman muƙami. Amma ranar Lahadi sai ya fita bayan gari tafiya mai nisa kafin ya samu wurin ibada, sai a 1606 sarki ya yarda aka matso da wurin zuwa Charenton. Ɗan'uwansa da ke La Rochelle kuwa yana ibada a tsakiyar gari, ganuwa da igwa suna tsare shi. Doka ɗaya ce, rayuwa biyu. Zama ne irin na doya da manja, kuma masu dokar ba su ɓoye ba, gabatarwarta ta nuna burinsu shi ne wata rana a koma addini ɗaya.

Ko hakan ma da ƙyar ta samu shiga. A Faransa doka ba ta aiki sai manyan kotunan larduna sun rubuta ta a kundinsu. Kotun Paris ta ƙi, sai da sarki ya kira alƙalan ya tsawata musu kuma ya sassauta wasu sassa, sannan suka rubuta a Fabrairun 1599. Ta Rouen ba ta karɓe ta gaba ɗaya ba sai 1609.

Inda ginin ya tsage

Raunin dokar yana cikin wasiƙun alkawarin. Su ba a rubuta su a kotu ba, alkawarin mutum ɗaya ne, kuma mutumin wani mai kishin Katolika ya kashe shi a titin Paris a 1610. Garuruwan tsaro, waɗanda su ne kariyar Furotestan, su ne kuma hujjar masu cewa an kafa ƙasa a cikin ƙasa. Babban waziri Richelieu ya yi wa La Rochelle ƙawanya daga 1627 zuwa 1628, ya toshe mashigar teku, yunwa ta kashe mafi yawan mutanen garin. Sulhun Alès na 1629 ya bar musu ibada ya ƙwace ganuwa da sojoji. Daga ranar lamunin ya rataya ga yardar sarki kawai.

Louis na Sha Huɗu bai soke dokar farat ɗaya ba. Ya sa aka riƙa fassara ta da ƙunci: duk abin da ba ta ambata da suna ba haramun ne. Aka riƙa tambayar kowace majami'a takardar shaidar cewa tana nan a 1596 da 1597, wadda ta kasa a rushe ta. Aka rufe musu sana'o'i ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1679 an rushe kotunan haɗin gwiwa. Daga 1681 aka fara saukar da sojoji a gidajensu, su ci su sha su gallaza wa iyali har mai gida ya sa hannu cewa ya tuba. Da rahotanni suka nuna garuruwa sukutum sun koma Katolika, sarki ya ce dokar ba ta da sauran amfani, ya soke ta a Oktoban 1685. An ba fastoci kwana 15 su bar ƙasa, an hana sauran mabiya fita. Duk da haka kusan mutum 200,000 suka sulale zuwa Holan da Ingila da Suwizalan da Jamus. Mai mulkin Brandenburg ya fitar da sanarwa a shekarar yana gayyatarsu, domin yaƙi ya bar masa ƙasa ba mutane, kuma yana buƙatar masaƙa da sojoji. Lamuninsa shi ma lissafi ne.

Maganin Jamus na biyu

A halin da ake ciki Jamus ta riga ta sha nata. Yaƙin Shekara Talatin ya fara a Prague a 1618, lokacin da manyan Furotestan na Bohemia suka jefo wakilan sarki ta taga. Kafin ya ƙare a 1648, yaƙi da yunwa da annoba sun rage mutanen daular da abin da masana ke ƙiyastawa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin uku. A Magdeburg kaɗai an hallaka kusan mutum 20,000 a 1631.

Sulhun Westphalia ya gyara kurakuran Augsburg ta wata dabara mai sauƙi. An zaɓi shekarar 1624 a matsayin ma'auni: duk ɗarikar da ke da coci ko ibada a wani wuri a wannan shekarar, ta ci gaba da riƙewa, ko da sarkin wurin ya sauya addini daga baya. An shigar da mabiya Calvin cikin doka. A majalisar daula kuma aka ce batun addini ba a yanke shi da rinjayen ƙuri'a, sai ɓangarorin biyu sun zauna daban-daban sun daidaita. A Osnabrück har karɓa-karɓa aka tsara, bishof Katolika ya yi mulki, idan ya mutu Furotestan ya gaje shi. Paparoma Innocent na Goma ya yi tir da sulhun, sarakunan Katolika suka ci gaba da aiki da shi. Amfanin tsarin ya bayyana a 1697, da mai mulkin Saxony ya koma Katolika don ya samu sarautar Folan: talakawansa suka ci gaba da bin ɗarikar Luther.

Bambancinsa da Nantes a bayyane yake. Na Faransa kyautar sarki ce, magajinsa ya karɓe. Na Jamus yarjejeniya ce tsakanin masu ƙarfi da yawa, da kotunan daula da za a kai ƙara, da Faransa da Suwidin a matsayin masu tsaya mata. Wannan bai hana zalunci ba: ƙasashen gadon gidan Habsburg, gidan babban sarki, ba su shiga ma'aunin 1624 ba, kuma a 1731 mai mulkin Salzburg ya kori Furotestan kusan 20,000.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masana sun rabu kan abin da ya fi tasiri. Wasu suna ba marubuta girman: Sebastian Castellio, wanda ya soki ƙone Servetus tun 1554, Pierre Bayle, ɗan gudun hijirar Faransa a Rotterdam, da John Locke, wanda wasiƙarsa kan lamuni ta fito a 1689. Hujjarsu mai ƙarfi ce, cewa tilas tana haifar da munafiki ne kawai, ba ta haifar da mai imani. Sai dai jerin shekarun bai goyi bayan masu cewa su ne suka jawo sarakuna ba. Augsburg da Nantes da Westphalia duk sun riga Bayle da Locke, kuma Castellio a zamaninsa kaɗan ne suka saurare shi. Abin da marubutan suka yi shi ne ba wa haƙurin dole hujjar da ta mayar da shi abin kirki, aikin da ya yi amfani daga baya.

Wasu kuma suna cewa yaƙe-yaƙen ba na addini ba ne tun asali, rigimar mulki ce ta sa rigar addini. Suna kafa hujja da Richelieu, babban malamin Katolika da ya murƙushe La Rochelle amma ya ba Suwidin ta Furotestan kuɗi, ya kuma shigar da Faransa yaƙin Jamus a 1635 don karya gidan Habsburg na Katolika. Wannan gaskiya ne game da fadoji. Bai bayyana abin da ya sa maƙwabci ya yanka maƙwabcinsa a Paris a 1572 ba tare da an biya shi ba. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne addini ya kunna wutar a ƙasa, sarakuna suka yi amfani da ita, har ta fara cin su.

Akwai kuma masu tunatar da cewa ba ko'ina ne sai da aka yi yaƙi ba. Manyan Folan sun yi wa juna alkawari a Warsaw a 1573 cewa ba za su zubar da jini kan bambancin addini ba, kuma labarin kisan Paris yana cikin abin da ya tsorata su. A Holan, hukuma ta hana ibadar Katolika a fili, amma ta kau da kai ga majami'un da aka ɓoye a cikin gidaje. Wasu marubutan Turai na lokacin ma sun riƙa nuna wa sarakunansu Daular Usmaniyya, inda Kiristoci da Yahudawa ke zaune ƙarƙashin amanar sarkin Musulmi suna biyan jiziya, suna tambaya me ya sa Kirista ba zai iya haƙuri da Kirista ba.

Waɗanda lamunin bai kai gare su ba

Duk waɗannan dokoki na manyan ɗarikun Kirista ne masu runduna. Ƙananan ɗariku marasa makami, kamar masu ƙin yi wa jarirai baftisma, ba su samu gurbi a Augsburg ko Westphalia ba. Dokar lamuni ta Ingila ta 1689 ta bar Katolika da masu musun Triniti a waje, shi kansa Locke bai yarda a lamunci wanda bai yi imani da Allah ba. Sifen kuwa ta bi hanyar kora: Yahudawa a 1492, sannan tsakanin 1609 da 1614 zuriyar Musulmin Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci, kimanin mutum 300,000. Wannan korar ta zo shekara 11 kacal bayan Nantes, abin da ke nuna ba wani sauyin zuciya ne ya game Turai ba. Wanda ya iya hana a ci shi da yaƙi shi ya samu takarda.

Furotestan da suka rage a Faransa sun yi shekara 102 doka ba ta san aurensu ba, tana ɗaukar 'ya'yansu a matsayin waɗanda aka haifa ba aure. Sai a 1787 Louis na Sha Shida ya ba su damar rubuta aure da haihuwa da mutuwa a gaban jami'in gwamnati, kuma ko a lokacin bai mayar musu da 'yancin ibada a fili ba.